Takardar tambayoyi ko hira: yadda wata ɗalibar aji huɗu ta zaɓi hanyar binciken firojat ɗinta

Ta shigo ofishina a farkon zango na biyu, riƙe da babi na ɗaya zuwa na uku a buge, da takardar tambayoyi mai shafi huɗu a maƙale a baya. Ɗalibar aji huɗu ce a sashen nazarin zamantakewa, ni kuma aka ɗora wa duba firojat ɗinta. Mako goma sha huɗu ya rage mata kafin difens, wato ranar kare firojat a gaban malamai. Abin da ta zo nema bai wuce sa hannu ba, don ta tafi ta buga takardun ta fara rabawa.

Batun da ta ɗauko mai kyau ne, kuma da idonta ta gan shi. A unguwarsu akwai ƙaramin asibiti na matakin farko. Ranar awo ba masaka tsinke, mata tun da sassafe sun cika benci, amma ɗakin haihuwa sai ya yini ya kwana ba kowa. Wannan giɓi sananne ne a ƙasar baki ɗaya. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kusan mata biyu cikin uku sun yi awo a hannun ma'aikacin lafiya, amma kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kawai aka yi a asibiti. Ita tana son ta san abin da ke faruwa a unguwarsu tsakanin bencin awo da ranar naƙuda.

Na ce ta karanta mini babbar tambayar bincikenta da ƙarfi. Ta karanta: me ya sa matan da suka yi rajistar awo suke haihuwa a gida? Sai na ce ta buɗe tambaya ta goma sha biyu a takardarta. An rubuta: mene ne dalilin da ya sa kika haihu a gida? A ƙasa akwai akwati huɗu: rashin kuɗi, nisan asibiti, miji bai yarda ba, halin ma'aikata.

Na tambaye ta, "Waɗannan dalilai huɗu, wa ya gaya miki su?"

Ta ce, "Malam, a firojat ɗin da suka gabata na gani, kuma kowa ya san su ne."

"To idan kowa ya sani, me za ki je nema?"

Ta yi shiru. Ba don in ƙure ta na yi tambayar ba. A nan ne hanyoyin bincike biyu, ta ƙididdiga da ta bayani, suka rabu, kuma na ga ɗalibai da yawa sun wuce wurin ba su lura ba.

Abin da kowace hanya ke iya amsawa

Binciken ƙididdiga, wanda ɗalibai ke kira kwantitetib, awo yake yi. Yana amsa tambayoyi irin su nawa ne, kashi nawa, wane rukuni ya fi, akwai alaƙa tsakanin kaza da kaza. Sharaɗinsa shi ne ka riga ka san abin da za ka auna tun kafin ka fita, domin takardar tambayoyi ba ta dawo maka da abin da ba ka zuba mata ba. Idan dalilin mace ba ya cikin akwatunan nan huɗu, za ta nuna wanda ya fi kusa, ko wanda ya fi sauƙin faɗa wa baƙuwa, a ƙirga shi, ya fito a jadawali da kashi cikin ɗari kamar gaskiya ce tsantsa.

Binciken bayani, wato kwalitetib, shi kuma ana yin sa ne lokacin da ba ka san akwatunan ba tukuna. Kana zama da mutane kaɗan, ka saurare su da tsawo, ka ji yadda su da kansu suke kallon lamarin, da kalmomin da suke kiran sa da su, da yadda aka kai ga shawara a cikin gida. Abin da ba zai taɓa ba ka ba shi ne yawa. Ko ka yi hira mai zurfi da mata ashirin, ba ka da ikon cewa kashi kaza na matan unguwa haka suke.

Da muka baje manufofinta uku a kan tebur, sai muka ga tambayoyi iri biyu ne a cakuɗe. Ta farko, mata nawa cikin waɗanda suka yi rajista suka haihu a asibitin, ƙirga ce. Ta biyu, ko zurfin karatu yana da alaƙa da wurin haihuwa, ita ma ta ƙididdiga ce, har da gwajin alaƙa. Ta uku, yadda ake yanke shawarar inda za a haihu da wanda ke yanke ta, ba a ƙirga ta, sai an saurara. Ita kuma zuciyarta tana kan ta ukun, kayan aikinta kuwa na ta biyun ne.

Ban ce mata ta bar ƙididdiga nan take ba. Na ce mu bi kowace hanya a takarda har ƙarshenta, mu ga abin da za ta ci da abin da za ta haifar.

Da ta bi hanyar ƙididdiga

A babi na uku ta rubuta cewa rajistar awo ta shekarar da ta wuce tana ɗauke da sunaye kusan 1,200, kuma ta yi amfani da dabarar Taro Yamane ta 1967, wadda kusan kowane firojat a jami'o'inmu ke ambata:

```
n = N / (1 + N × e²)
n = 1200 / (1 + 1200 × 0.05²) = 300
```

A nan N yawan matan rajista ne, e gejin kuskuren da aka yarda da shi, n kuma adadin da za a tambaya. Lissafin daidai ne. Abin da ba ta sani ba shi ne dabarar tana tsaye ne a kan wani sharaɗi: cewa mata 300 ɗin an zaɓo su ta hanyar ƙuri'a daga cikin 1,200, kowace tana da dama daidai da ta 'yar uwarta. Ita kuwa shirinta ta je asibitin ranar awo ta raba wa duk wadda ta samu. Matan da ke bencin awo ba su haihu ba tukuna, don haka ba za su iya faɗin inda suka haifi wannan cikin ba. Da na nuna mata haka, sai ta ce to ranar rigakafi, tunda masu jego ne ke zuwa. Wannan ya fi, amma ita ma ranar tana tace mutane. Macen da ta yi fushi da asibitin, ko wadda aka hana ta fita, ko wadda jaririnta ya koma, ba za ta zo rigakafi ba, kuma su ne waɗanda labarinsu ya fi kusa da tambayar. Ko an tara mutum 300 ta wannan hanya, adadin bai wanke karkatar ba. Samfurin da ya karkata, ƙara masa yawa ba ya miƙar da shi.

Sai lissafin lokaci. Da yawa daga matan ba za su cike takardar Turanci da kansu ba, dole a karanta musu da Hausa a cike musu. Idan kowace ta ci minti 20, mutum 300 sun ci awa 100, ban da jira, da wadda jaririnta ya fara kuka ta tashi. Rigakafin kuma ba kullum ake yi ba. A nan ne wasu ɗalibai ke karaya su rage adadin zuwa 60, wasu kuma, abin da ya fi ɓata mini rai, su zauna a ɗakin kwana su cike sauran da hannunsu. Mai dubawa yana ganewa: alƙalami ɗaya, rubutu ɗaya, ba tambayar da aka tsallake ko ɗaya, kuma amsoshi sun daidaita fiye da yadda amsar mutane ke daidaita.

Rage adadin ma yana da nasa farashin. Da mutum 100, idan ka ce kashi 50 cikin 100, gaskiyar tana iya kasancewa ko'ina tsakanin kashi 40 da 60. Da mutum 60 kuwa gwajin alaƙar da take son yi zai fara rawa. Ta raba karatu gida huɗu: allo da islamiyya, firamare, sakandare, gaba da sakandare. Ta raba wurin haihuwa gida uku: gida, asibitin gwamnati, asibitin kuɗi. Huɗu sau uku, akwati 12 ke nan. Mutum 60 a akwati 12, kowane ya tashi da biyar idan an raba daidai, kuma ba a taɓa rabawa daidai. Gwajin alaƙar, wato `Chi-Square`, yana buƙatar adadin da ake tsammani a akwati ya kai biyar, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce waɗanda suka gaza haka kada su wuce kashi 20 cikin 100 na akwatunan. Manhajar ƙididdiga ta SPSS tana rubuta gargaɗin a ƙasan jadawalin da ƙananan haruffa. Ɗalibai kan kwafi jadawalin har da gargaɗin su manna a babi na huɗu ba tare da sun karanta shi ba.

Duk wannan ba aibin ƙididdiga ba ne. Da tambayarta ta biyu ce a gabanta, kuma tana da jerin sunayen da za ta ja ƙuri'a a kai, da abokan aiki biyu da za su taya ta bin gidaje, da ita zan ce ta bi, in sa ta haɗe rukunan karatu zuwa biyu ko uku. A shekarar ma akwai wani ɗalibina da ke nazarin yadda ɗaliban tsangayarsu ke kashe kuɗin abinci. Yana da jerin sunaye daga ofishin jarrabawa, duk mutanensa sun iya karatu, suna cike fom a waya cikin minti biyar, abin da yake aunawa kuma lambobi ne tun asali. Shi hira za ta ɓata masa lokaci ne kawai.

Gwajin da ya raba gardama

Maimakon mu ci gaba da muhawara, na ba ta aikin mako ɗaya. Ta gwada takardarta a kan mata goma da suka haihu a gida. Bayan ta gama cikewa, ta ajiye biro, ta ce wa kowace: ba ni labarin ranar da kika haihu, tun daga lokacin da kika fara jin ciwo.

Ta dawo da takardu goma da littafin rubutu. A takardun, mafi yawa sun nuna rashin kuɗi. A littafin kuwa labari ya sha bamban. Wata mai haihuwar fari ta yi rajista a asibitin unguwar mijinta, da ciki ya tsufa aka kai ta gidan iyayenta goyon ciki a wani gari, can ta haihu. A rajistar asibitin ta zama wadda ta daina zuwa, a takardar tambayoyi ta zama mai rashin kuɗi, alhali al'ada ce ta ɗauke ta daga wannan asibiti. Wata kuma mai 'ya'ya biyar ta ce ita tun farko ba ta yi awo da niyyar haihuwa a can ba. Kati take so ya kasance a hannunta, don idan abu ya zo da gardama aka garzaya da ita kada a ce ba ta yi awo ba. Wata ta ce cikin dare abin ya zo, ta yi shiru don kunyar surukarta, kafin a farga ta sauka, sai ungozoma aka kira ta yanke cibi.

Ɗalibar ta ce, "Malam, to me ya sa suka ce mini rashin kuɗi?"

Na ce, "Ke kika miƙa musu shi. Kuma amsa ce da ba ta taɓa mutuncin kowa. Ba ta zargi miji ba, ba ta zargi uwar miji ba, ba ta tona abin da ke cikin ɗaki ba."

Ban ce kuɗi ba ya cikin lamarin ba, yana ciki. Sai dai da ta raba takardu 300, da ta dawo da jadawalin da ke cewa kuɗi ne babban dalili, ta ba da shawarar a rage kuɗin haihuwa, ba tare da goyon ciki ko katin ko-ta-kwana sun taɓa bayyana ba. A ranar ta yarda hira za ta yi.

Abin da hirar ta ci mata

Ta ɗauka ta samu sauƙi, tunda ba lissafi. Na sa ta zauna muka yi lissafin wannan ɓangaren ma. Hira 14, kowace kusan minti 45, awa goma da rabi ke nan na magana. Rubuta magana daga rikoda kalma bayan kalma yakan ci awa huɗu zuwa shida ga kowace awa ɗaya, wato sama da awa 50 idan aka ɗauki tsakiya. Ga fassara zuwa Turanci, tunda da shi za a rubuta firojat ɗin. Wanda ya gudo daga ƙididdiga don tsoron lissafi zai tarar da tulin shafuka suna jiran a karanta su sau biyu sau uku.

Tambayar da ta fi damun ta ita ce ta adadi: mutum nawa? A binciken bayani ba a ciro adadi daga dabara. Ana ci gaba da hira har sai sababbin hirarraki sun daina kawo sabon abu, abin da za mu iya kira ƙoshi. Akwai wani nazari da Guest da Bunce da Johnson suka wallafa a 2006, wanda ya shafe mu kai tsaye domin a Ghana da Nijeriya aka yi hirarrakin, da mata 60. Sun gano cewa kusan duk jigogin sun riga sun fito a cikin hira 12 na farko. Amma matan da suka yi hira da su yanayinsu ya yi kama da juna, tambayar kuma ƙunƙuntacciya ce. Don haka 12 ba doka ba ce. Na ce ta rubuta a babi na uku cewa za ta yi tsakanin 12 da 16, ta kuma ajiye shafi guda inda za ta riƙa rubuta sabon abin da kowace hira ta kawo, don ranar da aka tambaye ta dalilin tsayawa ta sami abin nunawa.

Zaɓen mutanen ma da gangan aka yi shi. A nan ba wakilcin unguwa ake nema ba, bambanci ake nema: masu haihuwar fari, masu haihuwa biyar zuwa sama, mai zaune da uwar miji, mai zaman kanta, wadda mijinta ke tafiya ci-rani. Na nace ta saka mata huɗu da suka haihu a asibitin. Ta ce ai ba su take nazari ba. Na ce idan ba ta ji su ba, duk abin da ta ji daga masu haihuwar gida za ta ɗauka shi ne dalili, alhali wataƙila masu zuwa asibitin ma suna da surukai, suna da kunya, suna da ƙarancin kuɗi. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne abin nema. Wasu ta same su ranar rigakafi, wasu kuma ta hannun wata ungozoma, wadda ta kai ta gidajen da ba sa leƙa asibitin. Kafin duk wannan sai da ta karɓi takardar gabatarwa daga sashe, ta nemi izinin hukumar lafiya da na shugabar asibitin, ta kuma je ta gaida mai unguwa. Na hana ta kwafar suna ko lambar waya daga rajista.

Hirarta ta farko ba ta yi kyau ba, kuma na ji daɗi da ta kawo mini ita ba ta ɓoye ba. Minti 11 ce. Da na saurara, muryar ɗalibar ta fi ta matar yawa. Tana cewa, "Kuɗi ne ya hana ki, ko?" matar na cewa "E." Ga kuma muryar wata dattijuwa a gefe tana amsawa kafin matar ta buɗe baki: haka Allah ya so, mu ma a ɗaki muka haife su. Takardar tambayoyin nan ce ta dawo ta baki. Alamomin hirar da ta lalace ke nan, kuma ana ganin su ko a rubuce: layukan mai tambaya sun fi na mai amsa tsawo, amsoshi e da a'a ne, ba labari ko ɗaya mai farko da ƙarshe.

Muka gyara abu uku. Ta daina tambayar me ya sa, domin a kunnen mai jego tana kama da tuhuma, ta koma tambayar yadda abin ya faru: wa ke gida a lokacin, wa kika fara gaya wa, sai me ya biyo baya. Ta koyi yin shiru bayan amsa, domin sau da yawa maganar gaske tana zuwa ne bayan shirun. Game da surukai kuwa, ba korarsu za a yi ba, kuma ba zai yiwu ba. Ta riƙa fara gaida dattijuwar, ta ce, "Inna, ku ma ina so in ji ta bakinku, amma bari in fara da ita, in na gama sai in zo ɗakinku." Ta haka ta sami keɓewa da mai jego, ta kuma sami hira biyu da iyayen miji da ba su cikin shirinta, waɗanda suka zama daga mafi amfani a aikin.

Daga tulin magana zuwa babi na huɗu

A nan ne yawancin firojat na hira ke faɗuwa. Ɗalibi ya jera maganganu, mai amsa ta ɗaya ta ce, ta biyu ta ce, har babi ya ƙare, ba nazari. Mun bi hanyar fitar da jigo da Braun da Clarke suka tsara a 2006, wadda ta dace da ɗalibin digirin farko domin ba ta buƙatar wata manhaja. Ta karanta hirarrakin duka ba tare da biro ba. A karatu na biyu ta riƙa sa ɗan laƙabi a gefen kowace magana mai ma'ana: kati don ko-ta-kwana, ɓoye naƙuda, dare, mai gida ba ya nan, asibiti na mai matsala ne. Ta zuba su a Excel, layi ɗaya magana ɗaya, da lambar mai maganar da laƙabin. Daga nan ta tara laƙuban da suka yi dangantaka, ta koma ta duba ko jigon da ya fito ya yi daidai da abin da matan suka faɗa.

Na sa ta yi wannan aiki a kan rubutun Hausa, fassara ta zo daga baya, kuma ga maganganun da za ta kawo a babin kawai. Dalili shi ne kalma irin kunya ko dauriya, da zarar an mayar da ita Turanci, rabin nauyinta ya zube. Kunyar da mai haihuwar fari ke ji gaban surukarta tarbiyya ce da ake yabo, kalmar Turancin da ɗalibar ta fara zaɓa kuwa tana nuna rauni. Da ta yi nazarin a kan fassarar, da ta ƙare tana ba da shawarar a wayar wa mata kai su daina jin tsoro, abin da ba wanda ya faɗa.

Jigon da ya fi ƙarfi a hirarrakinta shi ne cewa ga da yawa daga matan da ta zanta da su, awo da haihuwa ba tafiya ɗaya ba ce. Awo na duba lafiya ne da mallakar kati, ɗakin haihuwa kuma na wadda abu ya zo mata da matsala. Biyu daga cikin huɗun da suka haihu a asibiti sun ƙarfafa wannan, domin sun taɓa shan wahala a haihuwar baya. Ɗaya kuwa ba ta shiga tsarin ba sam: lafiyarta ƙalau, surukarta ce ma ta matsa a tafi. Ɗalibar ta so ta bar ta a waje don tana ɓata mata jigo. Na ce ta ba ta sakin layi guda cikakke. Mai karatu da ya ga an kawo wadda ta saɓa zai fi yarda da sauran.

Kuskuren ƙarshe da na kama a daftarinta shi ne jimlar da ke cewa kashi 57 cikin 100 na mata suna ɗaukar kati a matsayin ko-ta-kwana. Takwas cikin 14 ne ta mayar kashi. Amma ita ce ta zaɓi su 14 ɗin da hannunta, da ta zaɓi wasu da adadin ya canza. Na ce ta rubuta takwas daga cikin matan da na yi hira da su, ta tsaya nan.

Tambayarta ta farko, ta mata nawa, ba mu jefar da ita ba. Ta yi kwana biyu tana ƙirga rajistar awo da ta ɗakin haihuwa wata-wata, ta sa jadawali ɗaya a farkon babi na huɗu don nuna girman giɓin, tare da gargaɗin cewa wadda ba ta cikin rajistar haihuwa ba lallai a gida ta haihu ba, tana iya zuwa wani asibitin. Ta so ta kira aikin haɗakar hanyoyi biyu don sunan ya fi cika baki. Na hana. Haɗaka ta gaske tana nufin samfuri biyu, nazari biyu, da babin da ke haɗa sakamakonsu, aikin da ya fi ƙarfin mako goma sha huɗu da mutum ɗaya. Nata binciken bayani ne da jadawalin shimfiɗa.

Akwai abin da ya kamata ta bincika tun kafin duk wannan, ni ne na yi mata shi: ko sashen zai karɓa. Wasu sassan suna da tsarin babi na uku da ya ginu kan hasashe da gwaji, kuma wasu malaman ba su saba ganin firojat ba jadawali ba. Na kai maganar wurin mai kula da firojat na sashe tun a mako na uku, ya amince, da sharaɗin a sa jagoran hira da samfurin hira ɗaya cikakkiya a rataye, ba suna.

Ranar difens, tambayar da muka yi tsammani ita ce ta fara zuwa. Wani malami ya ɗaga kundin ya ce mutum 14 da surukai biyu, ta yaya za su wakilci mata 1,200?

Ta ce, "Ba su wakilce su ba, Malam, kuma ban ce sun wakilta ba. Abin da na nema shi ne dalilan da ke akwai da yadda suke aiki a cikin gida. Wanda zai auna yawan kowanne sai ya yi takardar tambayoyi, kuma na sa masa jerin abubuwan da zai tambaya a babi na biyar."

Ya buɗe babi na biyar. Tambaya ta goma sha biyun nan tana wurin, an sake rubuta ta. Akwatunan sun zama tara, cikinsu har da goyon ciki, da naƙudar dare, da rashin wanda zai ba da izini a lokacin, da ban ga wata matsala da za ta kai ni ba. A ƙasansu ta bar layi biyu ba komai, ta rubuta: wani dalilin daban, a rubuta shi da kalmominta.